Yuriya: Daga Iskar Gas Zuwa Gindin Masara

Duk wanda ya sayi buhun yuriya, a Dawanau ne ko Funtuwa ko Maraɗi, in ya duba jikin buhun zai ga an rubuta 46. Wani lokaci 46-0-0 ake rubutawa. Lambar nan tana nufin cewa a cikin kowane kilo 100 na wannan farin taki akwai kilo 46 na sinadarin naitirojin. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 23. Wannan kilo 23 shi manomi ya biya wa kuɗi, sauran nauyin kuwa abin da aka ɗaure naitirojin ɗin da shi ne don ya zauna a buhu har ya iso gona.

Abin mamaki, naitirojin ba abu ne mai wuyar samu ba. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. Yana bisa kowace gona, dare da rana, kyauta. Duk da haka masara tana iya yin rawaya ta tsumbure saboda rashinsa alhali iskar tana kaɗa ganyenta. Dalili kuwa shi ne, a cikin iska ƙwayoyin naitirojin biyu-biyu suke tafiya, a ɗaure da juna da ɗauri uku mai tsananin ƙarfi, kuma shuka ba ta da hanyar kwance shi. Sai an raba su, an haɗa kowace ƙwaya da wani sinadari, sannan saiwa take iya sha. Shuka kuwa ba ta yi sai da shi, domin da shi take gina koren ganye, da shi take gina furotin ɗin da ke cikin ƙwayar hatsi.

A halitta akwai masu kwance wannan ɗauri. Walƙiya tana kwance kaɗan, ruwan sama ya sauko da shi. Mafi yawa kuwa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Tun kaka da kakanni da waɗannan, da kashin dabbobi, da hutar da gona, noma ya dogara. Sai a 1909 wani Bajamushe masanin kimiyya, Fritz Haber, ya nuna cewa ana iya kamo naitirojin daga iska a mayar da shi amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin ya zama masana'anta, aka buɗe ta a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. Har gobe da wannan hanya ake aiki, kuma daga nan labarin yuriya yake farawa.

Yadda ake samun amoniya

Masana'antar yuriya a gaskiya masana'antu biyu ne a haɗe. Ta farko tana yin amoniya, ta biyu tana mayar da amoniyar yuriya. Kayan da ke shiga ta ƙofa uku ne kawai: iskar gas, da ruwa, da iskar sarari.

Amoniya haɗin naitirojin ne da haidirojin. Naitirojin yana nan a iska, don haka haidirojin shi ne abin nema, kuma daga iskar gas ake ciro shi. Da farko ana tace gas ɗin a cire masa farar wuta, domin ko kaɗan ta wuce tana lalata sinadaran da ke gaba. Sai a gauraya shi da tururin ruwa, a bi da shi ta cikin dogayen bututu da ke cikin tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 800. A nan gas da tururi suke wargajewa, haidirojin ya fito. Daga nan a buɗe wa iskar sarari hanya ta shiga. Iskar oksijin da ke cikinta tana ƙonewa tare da ragowar gas ɗin, naitirojin kuwa ya saura. Ta haka ake samun abu na biyu ba tare da an saya ba.

Amma gas yana da kabon a jikinsa, kuma kabon ɗin nan ba ya ɓacewa. Bayan an sake bi da shi ta cikin tururi, yana komawa iskar kabon dayokzaid, wato irin wadda muke fitarwa in muka yi numfashi. Dole a wanke ta a ware ta gefe guda, don tana ɓata aikin amoniya. Mai karatu ya riƙe ta a zuciya, za mu dawo kanta.

Abin da ya rage, haidirojin kashi uku da naitirojin kashi ɗaya, shi ake matsewa da manyan injuna har matsinsa ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau 150 zuwa 250, a zafin digiri 400 zuwa 500, a bi da shi ta kan tsakuwoyin ƙarfe da aka sarrafa musamman. Ƙarfen nan shi ake kira katalis. Aikinsa irin na dillali ne: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ba ya cikin kayan da aka sayar. Masana suna rubuta abin da ke faruwa haka:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

Kibiyar da ke kallon gaba da baya tana nuna cewa haɗin ba ya kammala. A zagaye ɗaya abin da ke zama amoniya bai cika wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba. Sai a sanyaya, amoniyar ta zama ruwa a kwashe, sauran iskar a mayar da ita ta sake zagayowa.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a tsaya nan ba? Ai amoniya ta fi yuriya ƙarfi, kashi 82 cikin ɗari nata naitirojin ne. A Amurka ma manyan manoma suna tura ta cikin ƙasa kai tsaye da na'urori. Matsalar ita ce amoniya iska ce mai yaji da guba. Ba ta zama ruwa sai an matse ta a tanki ko an sanyaya ta zuwa digiri 33 ƙasa da sifili. Ba abin da za a ɗora a babur a kai ƙauye ba ne. Ana bukatar hanyar mayar da ita abu mai ƙwari da za a zuba a buhu, a ɗiba da hannu.

Inda amoniya ke zama yuriya

A nan kabon dayokzaid ɗin da aka ware take dawowa. Abin da ya zama shara a masana'anta ta farko shi ne kayan aiki a ta biyu, shi ya sa kusan ko'ina a duniya za a ga masana'antun biyu a jere. Wannan hanya ta samo asali ne daga aikin Bosch da Wilhelm Meiser a 1922.

Ana tura amoniya da kabon dayokzaid cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kaurin bango, a zafin digiri 180 zuwa 190, da matsin da ya ninka na iskar waje kimanin sau 140 ko fiye. Abu biyu ke faruwa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Na farko nan take yake aukuwa, yana kuma fitar da zafi mai yawa: amoniya biyu su kama kabon dayokzaid ɗaya, su zama wani gishiri da ake kira kabamet.

2NH₃ + CO₂ ⇌ NH₂COONH₄

Na biyu shi ne mai nawa. Kabamet ɗin yana sakin ruwa daga jikinsa a hankali, abin da ya rage shi ne yuriya. Wannan mataki zafi yake sha, don haka zafin da na farko ya fitar shi ke ciyar da na biyu.

NH₂COONH₄ ⇌ CO(NH₂)₂ + H₂O

Lissafin yana da sauƙin riƙewa. Don a sami tan ɗaya na yuriya ana bukatar kimanin kilo 570 na amoniya da kilo 730 na kabon dayokzaid. Jimla kilo 1,300 ke nan, kilo 300 da ya hau kai kuwa ruwa ne da za a fitar.

Shi ma wannan haɗi ba ya kaiwa ƙarshe. Ko da an zuba amoniya fiye da kima don a tura shi gaba, kimanin kashi 60 cikin ɗari na kabon dayokzaid ɗin ne ke zama yuriya a zagaye ɗaya. Abin da ke fitowa daga tukunyar gauraye ne: yuriya, ruwa, kabamet da bai juya ba, da rarar amoniya. Gwanintar masu ƙera masana'anta duk a nan take, wato yadda za a kwance kabamet ɗin ya koma iska, a mayar da shi tukunya ba tare da an yi asarar matsi da makamashi ba. Kamfanonin da suka shahara da wannan fasaha su ne Stamicarbon na Holan, da Saipem na Italiya, da Toyo na Japan. Ga shi kuma kabamet mai zafi yana cin ƙarfe ƙwarai, don haka sai an shafe cikin tukunyar da bututun da ƙarfe na musamman. Wannan na cikin dalilan da suka sa gina irin wannan masana'anta ke cin biliyoyin daloli.

Bayan an raba, sai a bi ruwan yuriyar da zafi ana tsotse tururi har ya zama narkakkiyar yuriya kusan zalla. Yuriya tana narkewa a digiri 133. A nan akwai wani haɗari da ya shafi manomi kai tsaye. In narkakkiyar yuriya ta daɗe a kan zafi, ƙwayoyinta suna mannewa biyu-biyu su zama wani abu da ake kira bayuret, wanda ke cutar da tsiro da ganye, musamman in feshi za a yi. Shi ya sa ake hanzarta wannan mataki, kuma yuriya mai kyau bayuret ɗinta ba ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari.

Saura a daskarar. Tsohuwar hanya ita ce a yayyafo narkakkiyar yuriyar daga ƙololuwar wata doguwar hasumiya, iska mai sanyi tana busowa daga ƙasa, kafin ɗigon ya iso ƙasa ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi. Sabuwar hanya kuma ana fesa ta ne a kan ƙananan ƙwayoyin da iska ke jujjuyawa, suna yin kauri a hankali. Wannan ita ke ba da yuriya mai manyan ƙwayoyi, wadda ta fi ƙwari, ba ta saurin zama gari a hanya.

Tunda sinadarin iri ɗaya ne da wanda ke cikin fitsarin mutum da dabba, wasu suna zaton daga fitsari ake yin takin. Ba haka ba ne. Tun 1828 Friedrich Wöhler ya nuna ana iya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da wata halitta ba, kuma abin da ke cikin buhun nan daga gas da ruwa da iska ya fito.

Nijeriya tana da manyan masana'antu uku na yuriya, duka a kudu inda gas yake. Akwai Notore a Onne, wadda ita ce tsohuwar NAFCON. Akwai Indorama a Eleme ta jihar Ribas. Sai ta Dangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara. Abin da suke iya fitarwa ya fi abin da manoman ƙasar ke saye, shi ya sa jiragen ruwa ke kai rarar ƙasashe irin su Brazil. Wannan kuma shi ke bayyana abin da ke ɗaure wa manomi kai, cewa a gida ake yi amma ba araha. Gas shi ne mafi yawan kuɗin da ake kashewa wajen yin yuriya, kuma kayan da ke da kasuwa a waje farashinsu yana bin dala da kasuwar duniya. An gani a 2021 da 2022, lokacin da gas ya yi tsada a Turai, yaƙin Rasha da Yukiren ya zo ya ƙara, farashin taki ya tashi ko'ina.

Abin da ke faruwa a gona

Duk wannan matsi da zafi an yi su ne don a ɗaure amoniya da kabon dayokzaid wuri guda. Abin da ya kamata kowane manomi ya sani shi ne, ƙasa tana kwance wannan ɗauri cikin 'yan kwanaki. Akwai wani sinadari a kowace ƙasar noma, ana kiransa yuriyes, wanda da zarar yuriya ta jiƙe yake rarraba ta, ta koma amoniya da kabon dayokzaid kamar yadda ta fito. A zafi irin namu, kwana biyu zuwa huɗu sun isa.

Ba laifi ba ne hakan ta faru, dole ma sai ta faru kafin shuka ta amfana sosai. Abin tambaya shi ne a ina ta faru. In a cikin ƙasa ne, amoniyar tana narkewa a danshi ta maƙale a jikin ƙwayoyin ƙasa, saiwa ta zo ta sha. In kuwa a bisa ƙasa ne, a fili, rana tana duka, iska tana kaɗawa, to amoniyar tashi take yi. Wanda ya watsa yuriya a gona mai ɗan danshi ya tafi, ruwa kuma bai sauka ba, yana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saya, wani lokaci fiye da haka. Wani sa'in har warin amoniyar ana ji in an sunkuya. A ganina babu asarar da ta kai wannan ciwo a harkar taki, domin ba ta barin alama. Manomi ya ga masara ba ta yi yadda ya zata ba, sai ya ɗora laifin a kan iri ko a kan mai shago.

Akwai hanya ta biyu ta asara. Cikin mako ɗaya zuwa uku ƙananan halittun ƙasa suna juya amoniyar ta zama naitiret. Shuka tana son naitiret, amma shi ba ya maƙalewa a ƙasa, ruwa yake bi. A jigawa mai yashi, ruwan Agusta guda biyu masu ƙarfi suna iya gangarar da shi ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. A fadamar da ruwa ya kwanta kuma, wasu halittun suna mayar da shi iska ya koma sama. Shi ya sa ba a zuba wa shuka naitirojin ɗinta duka rana ɗaya.

Mu ɗauki hekta ɗaya ta masara a yankin Zariya ko Funtuwa. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ita ce kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na fosfat, da kilo 60 na fotash. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na kowanne. Buhu takwas ke nan za su ba da 60 na kowane ɗaya, kuma su ake sa wa da wuri, cikin mako biyun farko bayan shuka. Saura kilo 60 na naitirojin. A raba 60 da 23, sai a ga buhun yuriya biyu da rabi da ɗan ɗoriya, wato kimanin kilo 130. Wannan shi ne zubi na biyu, a mako na huɗu zuwa na shida, lokacin da masara ta kai gwiwa tana shirin miƙewa, domin a nan ne yunwarta ta naitirojin ta fi tsanani. In an shuka biyu-biyu a rami, da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 50 tsakanin rami, kowane rami zai sami kimanin giram biyar, kusan cikin murfin kwalbar lemo. A soka tsinke ko sanda a gefen shukar, nisan faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe da ƙasa. Kada ta taɓa karan ko ta faɗa cikin kunnen masarar, domin tana ƙonawa. A kuma tabbatar an yi noma tukuna, in ba haka ba ciyawa aka ciyar.

Aiki ne mai cin lokaci da kuɗin ƙwadago, babu musu. Amma wanda ya auna kuɗin 'yan aikin da za su binne da kuɗin rabin buhu ko fiye da zai bi iska, zai ga inda riba take.

Lissafin nan yana kuma nuna dalilin da ya sa ya kamata a san daga ina naitirojin ya fito. Buhun yuriya ɗaya yana da naitirojin na buhun kamfa uku. Mai neman naitirojin kawai, yuriya ce mafi arha gare shi. Sai dai sifili biyun nan da ke bin 46 gaskiya suke faɗa: babu fosfat, babu fotash. Ƙasashenmu na arewa, musamman masu yashi, an san su da ƙarancin fosfat, kuma in ya yi ƙaranci saiwa ba ta yin ƙarfin da za ta ci moriyar yuriyar. Wanda ke zuba yuriya zalla shekara da shekaru zai ga amfanin yana raguwa, ga kuma ƙasar tana ƙara tsami a hankali.

Shukar kanta tana faɗin abin da ke damunta. In naitirojin ne ya gaza, ganyen ƙasa, tsofaffi, su ke fara yin rawaya, daga tsinin ganye abin ya bi jijiyar tsakiya, domin shukar tana kwashe abin da ke cikinsu ta kai wa sababbi. In kuwa sababbin ganyen sama ne suka koɗe, tsofaffin suna kore, to an fi zaton farar wuta ce ta gaza, kuma ƙarin yuriya ba zai gyara ba. A nan takin salfet na amoniya, mai naitirojin kashi 21 da farar wuta a ciki, ya fi dacewa. Yawa ma ɓarna ne. Shinkafar da ta sha yuriya fiye da kima tana yin duhun ganye da tsawo, ta jinkirta nuna, iska ta zo ta kwantar da ita.

Takin gargajiya kuwa ba a gwada shi da yuriya a kan ma'auni ɗaya. Busasshen kashin shanu naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma a hankali yake saki. Amma yana ba ƙasa jikin da za ta riƙe ruwa ta kuma riƙe takin zamanin da aka zuba, abin da buhu ba ya yi. Wake da gyaɗa da waken suya suna kamo nasu daga iska. Mai son ya tabbatar ya tuge ɗaya ya fasa ƙululun da ke jikin saiwar: in cikinsu ja-ja ne, suna aiki. Shi ya sa ba a ɗura musu yuriya, kuma masarar da ta biyo bayan waken suya takan fi wadda ta biyo bayan masara. Gawo ma dangin wake ne, kuma da damina yake zubar da ganye, abin da ya sa manoman Zindar da Maraɗi da Katsina ba sa sare shi a gona. Ƙuduji, wato wuta-wuta, shi ma a gonar da naitirojin ya ƙare ya fi yin ƙarfi.

Akwai dabarun rage asarar. A Indiya tun 2015 gwamnati ta wajabta a shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, wanda ke jinkirta juyawarta zuwa naitiret. Ga masu shinkafar dashe kuma akwai dunƙulalliyar yuriya da ake tura wa cikin taɓo, zurfin santimita bakwai zuwa goma, tsakanin gindi huɗu, dabarar da ta yaɗu a Bangladesh kuma aka gwada ta a wuraren noman rani na ƙasar nan.

Kafin a biya kuɗin buhu, a ɗebi kaɗan a zuba a kofin ruwa a motsa. Yuriya ta gaskiya tana narkewa duka, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu. In an ga yashi ko gari ya kwanta a ƙasan kofin, an yi mata haɗi. A gida a ajiye buhun a ɗaure bisa katako, nesa da danshi, don tana jan ruwa daga iska ta dunƙule. A kuma nisanta ta da awaki da tumaki da shanu, domin in suka ci da yawa tana kashe su cikin ɗan lokaci. Ranar zubawa kuwa, a zaɓi lokacin da ƙasa ke da danshi, a haƙa, a zuba, a rufe.